Kebul ko Waifai: Inda Wasan Gem Yake Cijewa a Cikin Gida

Duk wanda yake buga ƙwallon gem da wasu ta intanet ya san wannan takaicin. Ka danna maɓalli a kan lokaci, ɗan wasanka ya tsaya kamar bai ji ba, kafin ya motsa an ƙwace ƙwallo. Abin da ake fara zargi shi ne sabis. Sai a ɗauko waya a gwada gudu, a ga megabit 40, a rasa abin cewa. Wasu su sake sim, wasu su sayi data mai tsada, cijewar tana nan inda take.

Dalili shi ne wasan da ake bugawa kai tsaye ba ya cin data mai yawa. Yawancinsu ko megabit ɗaya a daƙiƙa ba sa kaiwa, domin abin da na'urar take aikawa ƙananan saƙonni ne: ga inda nake, ga maɓallin da na danna. Gudu mai yawa yana da amfani ranar da za a sauke sabon wasa mai gigabait 80. Amma a tsakiyar wasa abin da ake nema shi ne kowane ɗan saƙo ya je ya dawo da wuri, kuma a kan lokaci iri ɗaya. Lokacin zuwa da dawowar shi ne wasanni suke nunawa a gefen allo da sunan ping, ana auna shi da milisakan, wato kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa. Wasan da yake nuna hoto 60 a daƙiƙa yana sake hoto duk bayan kusan milisakan 17. Idan saƙo ɗaya ya makara da milisakan 200, hoto goma sha biyu sun wuce ba ka cikin wasan. Wanda jinkirinsa yake tsaye a kan 90 hannunsa zai saba, ya riƙa danna maɓalli da ɗan wuri. Wanda nasa yake 40 yanzu, 250 an jima, ba abin da zai saba da shi.

Hanyar da saƙon yake bi kashi biyu ce. Akwai ta cikin gida, daga na'urar gem zuwa rauta. Akwai ta waje, daga rauta zuwa ƙarfen sabis ko layin kamfani, har zuwa kwamfutar da take riƙe da wasan. Ta wajen ba a hannunka take ba. Haske a cikin kebul ɗin gilashi yana cin kilomita 200 a kowane milisakan. Idan kwamfutar wasan tana Turai, saƙon ɗan Kano sai ya gangara Legas tukuna, kusan kilomita dubu, sannan ya shiga kebul na ƙarƙashin teku irin na MainOne, wanda ya haɗa Legas da Fotugal tun 2010 da tsawon kilomita 7,000. Zuwa da dawowa milisakan 80 ke nan, ba a ma lissafa tsaye-tsayen da ake yi a hanya ba. Wannan ba kebul ɗin da za ka saya a kasuwa ya rage shi. Ta cikin gidan kuwa taka ce, kuma sau da yawa a nan tsalle-tsallen jinkirin yake fitowa, a 'yan mitocin da ke tsakanin falo da ɗaki.

A fara aunawa

Mu ɗauki gida irin wanda kowa ya sani. Ginin bulo ne mai bene. Rauta mai sim tana falon sama, kusa da taga, saboda nan sabis ya fi kamawa. Na'urar gem, PlayStation 5, tana ɗakin samari a bakin ƙofar gida, nisan kamar mita 25, tsakaninsu bango uku da dekin mai rodi. Waifai yana kaiwa, sanda biyu yake nunawa, bidiyo ma yana yi lafiya. Wasa ne kawai ba ya yi.

Gwajin da ke cikin na'urar ba zai faɗa maka komai a kan wannan ba. A PS5, Test Internet Connection yana nuna gudun saukewa da na aikawa da NAT Type, ba ya nuna jinkiri. Xbox ya fi shi a nan, domin Test network speed & statistics yana nuna jinkiri da adadin saƙonnin da suka ɓace. Amma ko shi bai raba maka ta ciki da ta waje ba. Hanya mafi sauƙi ita ce a aro laftof, a ajiye ta daidai inda na'urar gem take, a haɗa ta da Waifai ɗin, a buɗe Command Prompt a rubuta:

```
ipconfig
ping -n 200 192.168.8.1
```

Umarni na farko zai nuna adireshin rautarka a layin Default Gateway. Shi za ka saka a na biyu, domin wata rautar 192.168.0.1 ce, wata 192.168.1.1. Abin da aka yi shi ne aika wa rautar saƙo sau 200, ɗaya a daƙiƙa, ana auna dawowarsa. Saƙon bai fita daga gida ba, saboda haka duk abin da ka gani laifin cikin gida ne. A ƙarshe za ta kawo Minimum da Maximum da Average da adadin Lost.

Kada Average ya ruɗe ka. A gida irin wannan ba abin mamaki ba ne ka ga layuka suna tafiya 4, 6, 5, sai kwatsam 180, sai Request timed out, sai su koma 5. Matsakaicin zai fito ɗan kaɗan, ya yi kyau a ido, amma wannan 180 ɗin da saƙon da ya ɓace su ne lokacin da mai tsaron gidanka ya daskare. Waifai mai lafiya yana zama ƙasa da 10, ba ɓacewa. Kebul kuwa milisakan 1 ko ƙasa da haka zai nuna daga farko har ƙarshe. A yi gwajin bayan isha'i, lokacin da kowa ya dawo gida da wayarsa, ba da hantsi da gida yake shiru ba. Idan sakamakon ya fito tsaf amma wasa yana cijewa, to matsalar a waje take, kada a ɓata kuɗi a kan kebul.

Me ya sa Waifai yake haka ko da sandunansa sun cika? Saboda iska ɗaya kowa yake amfani da ita, kuma a kan tasha ɗaya na'ura ɗaya ce take magana a lokaci guda. Kamar majalisa ce mai ladabi: kowa sai ya saurara ya ji an yi shiru kafin ya buɗe baki, idan biyu suka fara tare duka su yi shiru, kowa ya ɗan jira ya sake. Wayar da take can ƙuryar gida da sabis mai rauni tana magana a hankali, tana cinye lokacin kowa. Rautar maƙwabci da take kan tasha ɗaya da taka ita ma a layin take. Bango yana raunana saƙo har ya isa a lalace, sai a sake aiko shi. Bidiyo ba ya jin wannan domin yana tara na daƙiƙoƙi masu zuwa ya ajiye. Wasa ba shi da abin tarawa, abin da za ka danna nan gaba ba a san shi ba tukuna.

Kebul

Ra'ayina a fili yake: na'urar gem ba ta yawo, inda aka ajiye ta nan take shekara da shekaru, saboda haka in dai kebul zai iya kaiwa, a ja shi. Duk PlayStation 4 da 5 da Xbox na yanzu suna da ramin kebul a baya mai ɗaukar gigabit ɗaya. Nintendo Switch na farko ne mazauninsa ba shi da shi sai da 'yar adafta, amma samfurin OLED na 2021 ya zo da ramin.

Kebul ɗin da ake nema shi ne mai rubutun Cat5e ko Cat6 a jikinsa. Kowannensu yana ɗaukar gigabit har tsawon mita 100, ba tare da wani jinkirin da mutum zai ji ba. Mai shago zai iya nuna maka Cat8 mai kai ruwan zinare ya ce na 'yan gem ne. Ba zai rage maka ko milisakan ɗaya ba. Abin da ya kamata ka tsaya a kai shi ne abin da ke cikin robar. Kasuwa cike take da kebul na alminiyon da aka shafa wa jan ƙarfe, wani lokaci da rubutun CCA a kwali, wani lokaci babu. Ka kankare silin ɗaya da reza: in ya yi fari a ciki, shi ne. Yana saurin karyewa, kuma a dogon zango ba shi da tabbas. A cikin kebul ɗin silili takwas ne, gigabit kuma duka takwas ɗin yake buƙata. Idan mai matse kan bai matse da kyau ba, ko ƙofa ta datse sili ɗaya, haɗin yakan sauka zuwa megabit 100, ko ya riƙa yankewa yana dawowa. Shi ya sa yake da kyau a sa mai haɗawa ya gwada shi da 'yar na'urar gwaji a gabanka, fitilu takwas su kama bi da bi.

A gidan da muka ɗauka, mita 25 a miƙe zai zama kamar 40 idan aka bi bango da kusurwoyi, kuma wani sashe zai ratsa tsakar gida. Wannan sashen a zura shi cikin bututun roba. Rana tana busar da robar kebul na cikin ɗaki har ta tsattsage, ɓera kuma yana son ta. Kada a ɗaure shi jiki da jiki da wayar wuta a doguwar tafiya, in dole ne su haɗu su gicciye juna. Da damina kuma, kebul ɗin da ya bi waje daga gini zuwa gini yana iya kwaso ƙarfin tsawa ya ƙone ramin rauta ko na na'urar, saboda haka in hadari ya taso a zare shi. Bayan an jona, a shiga Set Up Internet Connection a zaɓi haɗin kebul, a tabbatar na'urar ba ta ci gaba da zama a kan Waifai ba.

Masu 'yar ƙaramar rautar aljihu su lura: yawancinsu ba su da ramin kebul sam. Haka ma rautar Starlink ta ƙarni na biyu, sai an sayi adaftarta daban, ta ukun ce ta zo da ramuka biyu. Mai gidan gem da yake da na'ura biyar ko shida kuwa, suwic mai ramuka takwas ya ishe shi, kebul ɗaya daga rauta ya raba wa kowa.

Abu biyu ne kebul ba ya magancewa, kuma mutane kan ji haushi in ba a faɗa musu tun farko ba. Na ɗaya NAT Type 3, ko Strict a Xbox, wanda yake hana ka haɗuwa da wasu abokan wasa. Ga mai amfani da sim, sau da yawa daga kamfani ne, domin adireshi ɗaya suke raba wa masu amfani da yawa. Na biyu cunkoso a ƙofar fita: idan wani a gida yana tura dogon bidiyo, saƙonninka za su bi layi a bayan nasa ko da kebul kake. Maganin wannan shi ne saitin QoS in rautar tana da shi, in babu kuwa sai sulhu da mutanen gida.

Inda za a ajiye rauta

Shawarar da aka saba ji ita ce a sa rauta a tsakiyar gida. Gaskiya ce ga wanda layin kamfani ya shigo masa har ɗaki. Amma rauta mai sim aiki biyu take yi da suke jan ta gefe biyu: tana sauraren ƙarfen sabis da ke waje, tana kuma watsa Waifai a ciki. In ka kai ta tsakiyar gida, Waifai ya gyaru, sabis ya raunana. In ka bar ta a taga, akasin haka. Ga ɗan gem, abin da ya fi shi ne a bar ta inda take kama sabis sosai, domin wannan ɓangaren ba a ja masa kebul, sannan a magance na cikin gida da kebul.

In kuwa Waifai ne dole, ko don gidan haya ne mai gida ya hana huda bango, akwai abin yi. A ɗaga rautar sama da tsayin mutum a zaune, a fili, ba a ƙasa ba, ba a cikin durowa ba, kuma ba a bayan talabijin ba, inda aka fi son ɓoye ta. Ƙarfe da ruwa su ne manyan abokan gabarta: firij, babban madubi, ƙofar ƙarfe, dekin mai rodi, tankin ruwa. Eriyoyin su tsaya a miƙe, domin gefe-gefe suke watsawa, ba sama da ƙasa ba. Ka tsaya wajen na'urar gem ka ja layi da ido zuwa rautar, ka ƙirga bangon da ya ratsa. Matsar da rauta mita ɗaya ta koma saitin ƙofa yakan cire bango guda daga lissafi. Ita ma na'urar gem a fito da ita daga cikin kabad.

Sai zaɓin zango. Yawancin rautoci na yanzu suna watsa biyu, 2.4 GHz da 5 GHz. Na farkon yana ratsa bango ya yi nisa, amma cunkushe yake: tashoshi uku ne kawai a cikinsa da ba sa hawa kan juna, 1 da 6 da 11, kuma a nan bulutut yake, har da hannun wasan PlayStation ɗin kansa, ga kuma na'urar ɗumama abinci. Na biyun fili ne da shi, amma bangon bulo biyu ko uku sun isa su gajiyar da shi. In ɗaki ɗaya ne ko bango ɗaya, 5 GHz. A PS5 ana iya tilasta shi ta Wi-Fi Frequency Bands a wurin saita haɗi, don kada na'urar ta riƙa sauya sheƙa da kanta. PS4 na farko 2.4 kawai ya sani, sai Slim da Pro na 2016 ne suka zo da 5. Ƙaramar na'urar ƙara nisan Waifai da ake maƙalawa a soket kuwa, ba na ba ɗan gem shawararta. Sanduna za su cika, amma kowane saƙo sai ya bi iska sau biyu.

Adaftar layin wuta

Akwai hanya ta uku da ba a cika sani ba. Wasu 'yan akwatuna ne guda biyu, a kwalinsu an rubuta Powerline. Ɗaya a soket kusa da rauta, a haɗa su da guntun kebul. Ɗayan a soket kusa da na'urar gem, shi ma da guntun kebul. Sai su riƙa aika data ta cikin wayar wutar da ke bango, a kan wata mita ta sama can da ba ta shafi wutar kanta ba. Ba huda bango, ba bututu. A gidan da wayarinsa yake da kyau, sukan fi Waifai mai ratsa bango uku natsuwa, jinkirin 'yan milisakan ne kawai.

Lambar da ke kwali, AV600 ko AV1000 ko AV2000, ba ita za ka samu ba. Abin da yake isa ɗaki wani ɗan kaso ne nata, kuma wasu masu AV600 ramin kebul ɗinsu ma megabit 100 ne iyakarsa. Ga wasa wannan ba damuwa ba ce. Damuwar ita ce yadda wutar gidajenmu take.

Dole adaftar ta shiga soket ɗin bango kai tsaye. Sitabilaiza da abin kare tashin wuta da yufiyes duk suna tace irin siginar da take aikawa, domin a wurinsu datti ne. Doguwar istenshan ma tana raunana ta. Ma'anar wannan ita ce akwatin yana tsaye ba kariya ranar da aka dawo da wuta da ƙarfi. Sannan soket biyun su kasance a kan wayarin ɗaya. A gidan da aka shigo da layi uku aka raba ɗakuna a kansu, idan falon sama yana kan wani layin, ɗakin samari yana kan wani, siginar za ta yi rauni ƙwarai. In ɗakin yana da mitarsa daban, kada a sa rai. Gidan mai inbata kuma ya fi kowanne rikici, domin an saba ware wasu soket a kan inbata, a bar wasu a kan wutar Nepa zalla. Adafta ɗaya nan, ɗaya can, sai siginar ta ratsa cikin inbatar, abin da ba kasafai take iyawa ba. Ko komai ya daidaita, duk lokacin da aka ɗauke wuta aka juya zuwa janareta, akwatunan za su mutu su sake tashi su nemi juna, wasan da ake ciki ya tafi, ko da rautar tana kan batir ba ta ƙyafta ba. Samfuran da suka fi gudu kuma suna amfani da waya ta uku, ta ƙasa, wadda a gidaje da yawa ba a haɗa ta da komai ba.

Kayan wuta ma suna zuba hayaniya a layin: cajar waya mai araha, injin jan ruwa, firij in ya tashi, fanka mai tsohon regileta. Alamar ita ce haɗin yana lafiya da rana, da daddare ya lalace, ko ya riƙa tsalle duk lokacin da aka kunna wani abu. Wani lokaci cire caja ɗaya daga soket ɗin da ke kusa ya isa. A gidan haya da ake raba mita ɗaya, a danna maɓallin Pair a kan ɗaya, sannan a kan ɗayan cikin minti biyu, don su ƙulla makullin sirri nasu su kaɗai. In ba haka ba, maƙwabcin da ya sayi irinsu zai iya tsintar kansa a kan datarka.

A gidanmu na misali, abin da zai yanke hukunci tambaya ɗaya ce ga mai gyaran wutar gidan: soket ɗin falon sama da na ɗakin samari layi ɗaya suke, kuma gefe ɗaya na inbata? In ya ce a'a, a koma maganar bututu da kebul mita 40. In ya ce e, a yi sharaɗi da mai shago cewa za a dawo da kaya in bai yi ba. Sannan a zare guntun kebul ɗin daga na'urar gem a sa a laftof, a kashe Waifai ɗinta, a maimaita gwajin nan na saƙo 200: sau ɗaya da wutar Nepa, sau ɗaya da janareta, sau ɗaya kuma bayan isha'i da injin ruwa a kunne. In Maximum bai haura 20 ba kuma Lost ya nuna sifili a duka ukun, a riƙe su.